Amsoshi uku na bayar, babu wadda ta dace

Tambaya ta bakwai ce a ƙaramar jarrabawar da aka yi mana ta Python, kuma ita ce wadda na fi rainawa a duk takardar. Layi shida ne kacal, aka ce mu rubuta abin da kwamfuta za ta nuna a ƙarshe:

```python
jimla = 0
i = 1
while i < 5:
    i = i + 1
    jimla = jimla + i
print(jimla)
```

Kallo ɗaya na yi mata na ga 1 a sama, na ga 5 a tsakiya, na ga ana tarawa. To me ya rage? Ɗaya da biyu da uku da huɗu da biyar. Na rangaɗa 15, har na ja mata layi biyu a ƙasa don kada mai dubawa ya sha wahalar nema. Ni na fara miƙa takarda a ajin, na fita ina tausaya wa waɗanda na bari suna ta zane-zane a bayan takardunsu kamar masu lissafin gado.

Da aka dawo mana da takardun, sai na tarar da jan biro ya ratsa sha biyar ɗin nan tawa, har da layukan da na ja mata. Nan take na yanke hukunci cewa Malam ne ya gaji da duba takardu, idonsa ya gifta.

Abokina da ke zaune kusa da ni ya leƙo, ya ce, "Kai ma dai! Ba ka ga alamar ba? `<` ce, ba `<=` ba. Biyar ba ta shiga. Goma ce amsar." Na sake kallo, na ga kamar ya yi gaskiya: ɗaya, biyu, uku, huɗu, goma ke nan. Abin da ban tambaye shi ba shi ne ko shi ya ci tambayar. Daga baya na ga takardarsa. Jan biron da ya ratsa tawa bai tsallake tasa ba.

Haka na ɗauki goma ta aro na nufi wurin Malam, da niyyar in nuna masa na gane kuskurena da kaina, ko ya tausaya ya ba ni rabin maki.

"Allah ya gafarta Malam, na gano inda na yi tuntuɓe. Goma ce."

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "A takarda ka ce sha biyar, a baki ka ce goma. Ciniki muke yi?" Ya turo min farar takarda da biro, ya ce in ja gida uku: ɗaya na sharaɗi, ɗaya na `i`, ɗaya na `jimla`. Dokarsa ɗaya ce: in ɗora yatsa a kan layin da nake, kada in ɗaga sai na rubuta abin da layin ya canza, kuma kada in yi hasashen layin gaba. Ya ce kwamfuta ba ta san niyyata ba, layin da ke gabanta kawai take aikatawa.

Na fara ina jin an mayar da ni ɗan aji ɗaya. Kafin shiga lup, `jimla` sifiri ce, `i` kuma 1. Sharaɗi: 1 bai kai 5 ba, an shiga. Yatsana ya sauka a layi na gaba, `i = i + 1`, na rubuta 2. Sannan layin tarawa: sifiri da... nan biron ya tsaya. Hannuna yana so ya rubuta 1, amma 1 ta riga ta tafi, na soke ta da kaina daƙiƙa biyu da suka wuce. Abin da ke cikin `i` yanzu 2 ce. Wato ɗayar nan da ni da abokina muka fara ƙirga da ita, ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga `jimla` ba. An ƙara wa `i` tun kafin a tara ta.

Daga nan jikina ya fara sanyi. Zagaye na biyu: 2 ba ta kai 5 ba, `i` ta zama 3, `jimla` ta zama 5. Na uku: `i` ta zama 4, `jimla` 9. A na huɗu ne na sake yunƙurin yin wayo, na ce ai biyar ba ta shiga, zan rufe a 9. Malam ya ƙwanƙwasa tebur da gindin biro. "A wane layi kake?" Ina kan sharaɗi, kuma abin da ke hannuna 4 ce. Huɗu ba ta kai biyar ba, ƙofa a buɗe take. Sai da aka shiga ciki sannan `i` ta zama 5, aka tara ta, `jimla` ta koma 14. Ba a duba sharaɗin `while` a tsakiyar zagaye, sai an dawo sama. Da aka dawo, 5 ba ta gaza 5 ba, lup ya tsaya. Zagaye huɗu, amsa 14.

Biyar ɗin da abokina ya rantse ba ta shiga, ta shiga. Ɗayar da muka haɗu a kan ta shiga, ita ce aka bari a waje.

Da na yi shiru a nan da na tsira da sauran mutuncina. Amma borin kunya ya sa na ce, "Ai Malam, gyaran mai sauƙi ne. In ana son 15, a mayar da alamar `<=` kawai."

Ya ce, "An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Ga takarda."

Na sake jan gida uku. Komai ya tafi kamar dā har 14, sai dai yanzu 5 tana wuce sharaɗi, `i` ta zama 6, aka tara. Ashirin. Garin neman gira na rasa ido: dā ɗaya ce ta ɓace min, yanzu ga wata shida da ba wanda ya gayyace ta.

Sai a lokacin ya nuna min cewa wuri uku ne ke yanke inda lup zai fara da inda zai ƙare: lambar farawa, alamar sharaɗi, da kuma wurin da aka ajiye ƙarin, kafin aiki ko bayansa. In ka taɓa ɗaya ba ka dubi sauran ba, ka matsar da kuskuren ne kawai. Ana samun 15 ta hanya biyu. Ko a bar komai yadda yake a fara da `i = 0`, ko kuma a sa `<=` sannan a sauko da layin ƙarin ƙasa da layin tarawa. Goma ta abokina ma tana da gidanta: a sauko da ƙarin amma a bar `<`.

Na tambaye shi, to in lup ɗin zagaye dubu ne fa, haka zan zauna ina zane? Ya ce a'a, tsakiya ba ta cika yin ƙarya ba, a baki biyu ake faɗuwa. In bi zagayen farko, in tsallaka in bi na ƙarshe har zuwa duba sharaɗin da ya hana shiga, wanda shi ne kowa ke mantawa. Ko in rage iyakar ta koma 2 ko 1, in ga ko sau nawa aka zaga.

Na tattara takarduna, na tsaya a bakin ƙofa. "Malam, zancen rabin makin fa? Tsakanin 15 da 14 ai ɗaya ce tak."

Ya buɗe rajista ya duba. Ya ce ana cin jarrabawar da maki 10, ni kuma ina da 9.