Haddar alamomin labarin ƙarya ba za ta ceci ɗalibanmu ba

Makon jiya ɗiyar ƙanena, wadda ke aji biyu na babbar sakandare a wata makaranta da ke nan Kaduna, ta nuna mini takardar da aka raba musu a darasin tantance labarai. Alamomi goma ne aka jera domin su haddace: a duba ko rubutun yana da kurakurai, ko akwai sunan marubuci, ko adireshin shafin yana da kama da na gaskiya, da sauransu. Ta haddace su tsaf, amma da na kunna mata wani saƙon murya da ke yawo a unguwarmu, na tambaye ta ko gaskiya ne, sai ta rasa ta inda za ta fara.

Laifin ba nata ba ne. An tsara waɗannan alamomi ne domin mai karanta shafukan intanet, alhali jita-jitar da ke tayar da hankali a Rigasa ko Tudun Wada ta WhatsApp take shigowa, cikin muryar wani da ba a san shi ba, babu kanu, babu adireshi, kuma yawanci gwaggo ko maƙwabci ne ya turo. Ko a shafukan ma, maƙaryacin da ya san aikinsa yana iya cika alamomin goman nan cikin awa guda. Saboda haka darasin yana koya wa yaro ya amince da duk ƙaryar da ta yi ado.

Masu bincike a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Sam Wineburg, sun lura cewa ƙwararrun masu tantance labari ba sa ɓata lokaci suna ƙura wa shafi ido. Suna barinsa ne su je wasu wurare su binciki wanda ya wallafa shi. Mu kuwa ba baƙi ba ne ga wannan hanya, domin duk yaron da ya zauna a Islamiyya ya ji kalmar isnadi, ya kuma san cewa malaman hadisi suna bin maruwaita ɗaya bayan ɗaya kafin su karɓi magana. Abin takaici ne a bar wannan tarbiyya a ƙofar aji, a ɗauko jerin da bai dace da wayoyinmu ba.

A ɗauki labarin gishiri na watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas. Cikin dare saƙo ya bazu cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum, jama'a suka tashi 'yan uwansu daga barci, wasu suka kwanta asibiti, har aka yi asarar rai. Malami zai iya rubuta saƙon a allo, ya raba ɗalibai biyar-biyar, ya tura su gida su tambayi iyayensu daga bakin wa suka ji shi a daren. Washegari kowane rukuni ya zana sarƙar: uwa ta ji daga ƙanwarta, ƙanwar ta ji daga abokiyar aiki, ita kuma ta ce “an ce likitoci ne suka faɗa”. A nan sarƙar take tsinkewa, kuma ɗalibi zai ga da idonsa cewa babu likita ko ɗaya mai suna a cikinta. Daga nan sai a tambaye su wa ya kamata a ce ya san gaskiyar maganar, su nemo abin da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta faɗa a lokacin, wanda shi ne ƙaryata batun.

Mataki na biyu shi ne ƙidayar majiya. A ba su rahoto guda daga shafuka biyar, su ja layi ƙarƙashin jimlolin da suka zo iri ɗaya. Idan duka biyar ɗin sun kwafo kalmomi ɗaya, har da kuskure ɗaya, to majiya ɗaya ce ba biyar ba. Idan da hoto, waya guda a hannun malami ta isa a saka shi a Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa shekarun baya a wata ƙasa.

Hanyar tana da iyaka, domin labarin gaskiya ma yakan iso kafin kowace jarida ta tabbatar da shi, musamman na hari a ƙauye. Shi ya sa dole takardar amsa ta ƙunshi zaɓi na uku bayan “gaskiya” da “ƙarya”, wato “ba a tabbatar ba tukuna, ba zan tura ba”, kuma a ba shi cikakken maki idan ɗalibi ya kawo hujja.

Masu cewa a hana yara waya kawai sun manta cewa wayar tana jiransu a gida. Masu neman a ƙirƙiro sabon fanni a manhaja kuwa za su ƙare ne da wani littafin hadda da wata jarrabawar. Darasin Hausa da na Turanci da na ilimin zama ɗan ƙasa suna nan, kuma minti arba'in a mako ya isa. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta jiha ta horar da malaman da ke koyar da su, masu makarantu kuma su janye takardar alamomin nan daga azuzuwa tun wannan zangon.