Yadda Na Zama Sarkin Kwata, da Yadda Na Yi Murabus

Ni Bazazzagi ne mazaunin Kano, don haka tun ranar da na buɗe shagon ɗinki na san ba zan sha ruwa cikin salama ba. Tsakanin Kanawa da Zagezagi akwai wasa tun kaka da kakanni, kamar yadda yake tsakanin Fulani da Barebari. Maƙwabcina mai sayar da yadi Bakano ne na cikin badala, kuma shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya. Ya ce mini bawansa, in ce masa Kanawa ko gaisuwa sai sun nemi ragi. A yi dariya, a sha shayi, a watse.

Sai ga wata damina. Na taso daga Kantin Kwari da ƙullin yadi a bayan babur, ruwa ya shafe hanya, na hango wani wuri lumui na ce nan ne titi. Ashe kwata ce. Na shiga har ƙugu, babur ya bi ni, takalmina ƙafa ɗaya kuwa har yau yana can yana yi wa ƙasa hidima. Da na iso shago ina ɗiga, mutumina ya miƙe tsaye, ya dunƙule hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, Sarkin Kwata!" Wallahi ni ma sai da na yi dariya har na riƙe ciki. Abin dariya ne, ba ƙarya.

Wata ɗaya, wata biyu, sarautar ba ta sauka ba. Ta ma samu 'yan majalisa. Mai shayi ya fara tambaya ko a zuba wa Sarki madara, almajiran layin suna yi mini jinjina. Duk wannan na shanye. Inda abin ya fara canza launi shi ne ranar da wani Alhaji ya kawo ɗinkin shadda kala biyar na bikin 'yarsa. Ina cikin gwada shi, mutumina ya leƙo ya ce, "Alhaji, a dai wanke kayan in an karɓa, ka san daga inda telan ya fito." Alhaji ya yi yaƙe, ya ce bari ya je ya dawo. Yana can yana dawowa.

Daga nan wasan ya bar kwata ya shiga gida. Na taɓa gaya masa a asirce cewa kuɗin haya ya gagare ni, har mai gida ya yi mini kashedi. Bayan sati sai ga zancen a teburin mai shayi, wai Sarki zai koma fadarsa ta asali tunda can ba a biyan haya. A ranar na lura da wani abu. Mutum biyu ne kawai suka yi dariya, sauran kowa ya sunkuya yana danna waya kamar an aiko masa da saƙon gaggawa. Ni kuwa na buɗe haƙora, amma dariyar ba ta wuce leɓe ba.

Abin da ya tabbatar mini shi ne da na gwada ramawa. Ai ƙa'idar abokin wasa ke nan, ka jefa, a jefo maka. Na ce masa wanda yadinsa ke zuba tun kafin ya ga ruwa bai kamata ya yi zancen wanki ba. Nan take ya haɗe rai, ya ce in kiyaye, sana'a ba abin wasa ba ce. To, tawa sana'ar fa? Ashe wasan ya zama titi mai hannu ɗaya. Kuma na kama kaina ina zagayawa ta bayan layi da safe don kada in wuce ƙofar shagonsa, ni da na biya kuɗin hayar nawa shagon, ko da yake ba duka ba.

Yunƙurina na farko abin kunya ne. Na kwana ina tsara jawabi, na rubuta shi a bayan takardar awon wani yaro, maki bakwai cif, har da karin magana a ƙarshe. Washegari da daddare majalisa ta cika, ya ce, "Ga Sarki nan," sai na miƙe jikina na rawa, na laluba aljihu, takarda ta faɗi. Kafin in sunkuya ya cafe. Ya karanta da muryar mai shela: "Na ɗaya, ni ba sa'anka ba ne. Na biyu, wuya sha huɗu, hannu ashirin da biyu." Ya juya takardar ne bai sani ba. Har mai shayi sai da ya ajiye buta don kada ya ƙone. Na yi ta ɗaga murya ina cewa ba na so, su kuwa suna cewa, "Haba, wasa ne fa, Sarki ya yi fushi!" Wanda ya yi fushi a gaban jama'a ya ƙara musu abin dariya ne kawai, a daren na gane haka.

Sai na koma gaba. Kwana biyu ba na ko kallon shagonsa. A rana ta uku wani dattijo mai gyaran keken ɗinki ya zo duba mini kan keke, ya ji labari, ya ce, "Ɗana, ka san dai gaba ba ta wuce kwana uku tsakanin Musulmi. Kuma shi bai ma san gaba kake yi ba, ya ce mini mura kake." Ya ɗaure wani noti, ya ƙara da cewa, "Kada ka ce masa shi mugu ne, zai tsaya kare kansa. Faɗa masa abin da ya faɗa, da ranar da ya faɗa. Kuma ku biyu kaɗai."

Bayan La'asar muna fitowa daga masallaci na ce ya raka ni sayen zare. Ba takarda a aljihuna, na duba sau biyu. Muna tafiya kafaɗa da kafaɗa, wanda ya fi sauƙi a kan kallon ido da ido, na ce, "Mutumina, maganar haya da na gaya maka, amana ce, ka kai ta teburin shayi. Maganar da ka yi gaban Alhaji kuma ta raba ni da ɗinki kala biyar. Ba na so a sake, kuma sunan nan ya isa haka."

Ya ce, "Kai, wasa ne fa."

Na ce, "Na san wasa kake, shi ya sa nake gaya maka da bakina, ban kai ƙara ko'ina ba. Zancen Zariya da Kano kuwa, ka ci gaba har Mahadi ya bayyana."

Daga nan na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun ya fi faɗawa kwata wuya, don sau uku harshena yana ƙaiƙayin cewa "ba komai, manta kawai". Muka wuce masu lemo, muka wuce mai faci. Can ya ce, "Alhajin bai dawo ba?" Na ce bai dawo ba. Ya ce, "Subhanallahi. Ban sani ba. Ka yi haƙuri."

Ba a rana ɗaya ya daina ba. Bayan kwana huɗu bakinsa ya suɓuce a majalisa, "Sarkin..." Ban miƙe ba, ban yi dariya ba, na ce, "Mun yi magana," na ci gaba da kurɓar shayina. Ya haɗiye sauran, ya ce, "Sarkin ɗinki nake nufi." Mai shayi ya dube mu bai gane komai ba.

Almajiran ne dai ba wanda ya kai musu sanarwar murabus. Jiya ma wani ƙarami ya tsaya ƙofar shago da robarsa, ya dunƙule hannu ya yi mini jinjina. Kafin in buɗe baki sai ga mutumina ya fito da sandar awo yana korarsa, yana cewa, "Kai, tafi can! Wannan bawana ne, ni kaɗai ke da izinin taɓa shi."