Tambarin farashi a kan ranar lalacewar madara

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai shagon da zai manna takardar farashi daidai kan ranar lalacewar madarar jarirai. Jiya na ɗaga gwangwani, na juya gindinsa inda ake buga kwanan watan, sai na tarar an rufe shi. Da na ɓamɓare da farce, saura mako biyu ya ƙare aiki. Alhali shi garin madarar, da zarar an buɗe, yawanci wata guda ake ba shi, don haka kafin yarinyata ta shanye, wa'adinsa ya wuce.

Na yi magana, wai ai ba komai, gari ne. Haba malam! Wannan fa shi ne duk abincin jaririyar da ba ta iya cewa cikina na ciwo.

Ko da kwanan watan na da saura, ina aka ajiye kayan? Nasa a jikin taga suke, rana na dukansu tun safe, gwangwanin da ɗumi a hannuna. Zafi na lalata sinadaran gina jiki, yana sa man da ke ciki ya yi ɗoyi, danshi kuma na dunƙule garin. Shi ya sa nake girgizawa kusa da kunne: idan ban ji garin na zuba sako-sako ba, na ajiye. Haka mai tsatsa, ko wanda ya lotse a bakin murfi.

Na nemi lambar rajistar hukumar kula da abinci, ta goge rabi, ba ta karantuwa. Na mayar masa da kayansa kan kanta, na fita.