Taken talla ɗaya, kunnen Alhaji da kunnen ɗan lise

Masu ƙananan sana'o'i a nan Garwa ta Kamaru suna yawan kashe kuɗi a banza wajen taken talla, kuma kusan kullum matsalar iri ɗaya ce, mai kaya yana da kwastomomi kashi biyu, dattawa masu sayen na gida da yara 'yan makaranta masu sayen na sefa ɗari, sai ya ce lallai sai ya cusa yaren kowa a cikin layi ɗaya. Ni dai ra'ayina shi ne taken kansa bai kamata ya nuna shekarun kowa ba, a bar shi gajere ya faɗi alkawari ɗaya wanda za a iya gwadawa, sannan duk wani canjin murya a yi shi a gefe, wato gaisuwar da ke gabansa, wanda ya furta shi, saurin maganar, da wurin da aka saka shi.

Mu ɗauki wata Hajiya mai yin kosam, kindirmon da ake zubawa a gora, tana da ƙaramar gora ta sefa 100 da babbar lita ɗaya. Ƙaramar yara ne ke saye a ƙofar lise, wato makarantar sakandare, da rana tsaka, babbar kuma magidanta ne, musamman da azumi ana dab da shan ruwa. Wanda ya san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ya san kayan nan ba ya kwantai, gasar ce dai ta yi yawa don kusan kowace unguwa akwai mai firiza.

Ɗanta ya kawo nasa taken: "Sha ka huce, kosam ɗin 'yan gayu." A kunnen abokansa ya yi daidai. Amma ka yi tunanin dattijo ɗan shekara 60 ya ɗauko gora ya ga an ce masa "sha ka huce", umarni ne kai tsaye da "ka", irin wanda ɗan cikinsa ba zai taɓa yi masa ba, ga kuma huce ɗin kamar ana cewa yana fushi ne. Sannan "ka" ta fitar da mata gaba ɗaya, alhali a gidaje da yawa uwargida ce ke yanke shawarar wane kosam za a aika yaro ya sayo. 'Yan gayu kuwa ba sai an faɗa ba, mutum mai rawani ba zai so a gan shi da gorar da ta kira shi ɗan gayu ba.

Hajiya ta kawo nata: "Kosam mai tsafta da albarka, gadon iyaye da kakanni, domin lafiyar iyalinku." Wannan ba ya zagin kowa, amma kalma 12 ne, ba zai shiga takardar ƙaramar gora ba sai an ƙanƙanta rubutun har ba a gani, kuma yarinya 'yar shekara 15 ba ta da iyali, tana jin "iyalinku" ta san da babanta ake ba da ita ba.

To abin da yawanci ake yi a nan shi ne sulhu, a ɗebo rabi can rabi nan a ce "gadon kakanni na 'yan zamani", kowa a gidan ya ji an saka nasa. Wallahi wannan ya fi duka biyun muni, domin bai faɗi komai a kan kosam ɗin ba, za ka iya manna shi a jikin takalmi ko turare ya zauna, kuma yara suna da saurin gane babba yana kwaikwayon maganarsu, da zarar sun gane sai abin ya koma abin tsokana.

Hanyar da nake ganin ta fi ita ce a manta da shekaru tukuna, a tambayi kowane ɓangare me yake tsoro in zai sayi kosam a wurin wanda bai sani ba. Magidanci tsoronsa kar ya kai gida wanda ya kwana biyu ya yi tsami ya ɓata wa yara ciki. Ɗan makaranta tsoronsa kar ya ba da ɗarinsa ya samu abin ya ɗumama. Ka ga an samu abu biyu, sabo da sanyi, kuma babu wanda ke ƙin na ɗayan. Daga nan taken ya fito: "Kosam na yau, sanyi ƙalau."

Kalma biyar. Gaɓa huɗu a farko, huɗu a ƙarshe, yau da ƙalau sun faɗa kan sauti ɗaya, shi ya sa baki ke riƙe shi ba sai an yi hadda ba. Babu ka, babu ki, babu umarni, don haka babu wanda aka raina kuma babu wanda aka fitar. Kalmar kosam ta Fulatanci ce, wanda a garin nan riba ce babba, Bafulatani da Bahaushe da wanda Faransanci kawai ya iya duk sun san ta. In da dole ne sai an saka kalmar umarni a cikin take, Hausa ta ba mu mafita mai sauƙi, a ce "a sha" ko "ku sha". "A" ba ta nuna kowa da yatsa, "ku" kuma girmamawa ce ga babba, ga matasa kuma jam'i ce kawai, su da ma a rukuni suke tafiya.

Yanzu sai a zo wurin murya, nan ne aikin yake. A rediyo, inda dattawa suka fi saurare, tallar daƙiƙa 30 ba ta ɗaukar fiye da kalma 60 zuwa 70 in ana so a yi ta cikin natsuwa, to a fara da sallama, muryar babbar mace ko namiji mai kamala, a faɗi cewa ana dafa madarar kafin a haɗa, a faɗi unguwa da wata alama da kowa ya sani kamar masallaci ko kasuwa, a faɗi kuɗin lita, kuma da dala don da ita tsofaffinmu ke lissafi, sefa 100 ita ce dala ashirin. Kiɗa ya yi ƙasa sosai ko a cire shi, musamman da azumi. Taken ya zo sau biyu, ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe, a ja shi a hankali.

A TikTok da sitatus na WhatsApp kuma ba a sallama mai tsawo, cikin daƙiƙa biyu uku na farko in ba a ga komai ba yatsa ya wuce. A nuna gorar tana fitowa daga firiza tana naso, hannu ya ɗauka, murfin ya buɗe. Wanda zai yi magana ya zama yaro na gaske, a bar shi ya faɗa da bakinsa, in ya ga dama ya haɗa da Faransancinsu ya ce "biyan gilase", wato mai sanyi sosai, ya ambaci zafin filin ƙwallo na Rumde Ajiya ranar wasan ƙungiyar Koton Sipor, duk ya halatta. Amma a ƙarshe kalmomin nan biyar su fito yadda suke ba a taɓa ko ɗaya ba. Taken kamar yadi ɗaya ne na shadda, uba ya ɗinka babbar riga, ɗa ya ɗinka 'yar shara, wanda ya gan su ya san gida ɗaya suka fito.

Akwai dalili na kuɗi ma da ya sa nake hana saka yaren yayi a cikin taken. Takardar gora ana buga ta da yawa lokaci ɗaya don ta yi araha, allon shago kuma in mai fenti ya rubuta sai ya shekara da shekaru, yaren samari kuwa kalmar da ake yayi bana zuwa baɗi ta zama ta ƙauyawa a wurinsu. Bidiyo in ya tsufa sai a yi wani da waya kyauta, amma tulin takarda da aka riga aka biya ba ta canzuwa. Haka nan kar a ce don a jawo dattawa a saka aya ko sunan Allah a jikin gora, gorar nan a ƙasa za ta ƙare ko a kwata, dattawan da ake son burgewa su ne za su fara jin zafin abin. Kuma kar a ce yana maganin wata cuta, kosam abinci ne.

Wani zai ce to me ya hana a yi take biyu kawai, kowa da nasa? Babban kamfani mai kaya iri-iri yana iya yi. Mai firiza biyu ba za ta iya ba, domin take yana zama a kai ne ta hanyar maimaici, in ka raba shi biyu kowanne rabin maimaicin zai samu. Ga shi kuma a garuruwanmu ba a raba masu sauraro, wayar uwa tana hannun 'yarta, rediyon uba kowa a tsakar gida yana ji, yaron da ya ga bidiyon shi ne ake aika ya sayo litar. Duk abin da ka faɗa wa ɗaya, ɗayan zai ji. Na yarda dai akwai kayan da ba sa haɗuwa, mai sayar da yagaggen wandon jins ya daina wahalar da kansa yana neman Alhaji, ya zaɓi mutanensa ya yi musu magana. Maganata a kan kayan da gida ɗaya ke amfani da su ne, abinci, sabulu, kiredin waya, ɗinkin sallah.

Kafin a kai wa mai bugawa a gwada, kuma gwajin ba ya cin kuɗi. A faɗa wa dattawa a majalisa bayan la'asar, a faɗa wa 'yan makaranta, kar a tambaye su ko ya yi kyau don kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. A koma washegari a ce me na ce muku jiya, in sun maimaita daidai ya zauna, in sun canza wata kalma a duba, sau da yawa tasu ta fi daɗin faɗa. Sai a ga ko yarinya za ta iya furta shi a gaban mahaifinta ba ta sunkuyar da kai ba, a ga kuma ko saurayi zai yarda ya ɗora a sitatus ɗinsa ba a biya shi ba. Bayan an fara, Hajiya ta riƙa rubuta cinikin ƙaramar gora daban na lita daban a littafi, in ɗaya ya tashi ɗaya ya tsaya cak to muryar wancan ɓangaren ce ke buƙatar gyara, a canza mai magana ko lokacin da ake sakawa, taken a bar shi.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da aka ɗauke wuta, mun san yadda take yi mana da bazara. Wanda ya rubuta "na yau" da "sanyi ƙalau" ya ɗaure kansa, dole ya tanadi ƙanƙara da kula, ya rage yawan da yake haɗawa, wanda ya kwana kuma ya faɗa wa mai saye ya sauke kuɗin. Yaro in ya samu mai ɗumi a take zai faɗa a gurup ɗin ajinsu, dattijo ba zai ce komai ba, gobe dai za a ga ɗan aikensa a ƙofar wata mai kosam ɗin.