"A wajena yana buɗewa" ba amsa ba ce

Ana saura kwana huɗu Sallah, wata Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Alabar, nan Kumasi, ta samu saƙon murya daga wata mai saye a Nima: "Hajiya, tun shekaranjiya nake son biya ta MoMo, shafinku ya ƙi." Ta kira yaron da ya gina mata shafin intanet ɗin, ya ce: "Hajiya, ai a wajena yana buɗewa." Wannan amsar ce ta ɓata mini rai, don na sha jin ta a bakin masu gina shafuka.

Ba ƙarya ya yi ba. Fuskar shafin tana buɗewa, hotunan leshi suna nan, sabar, kwamfutar da ke ɗauke da shafin, tana mayar da lambar 200, wato lafiya lau. Amma duk wanda ya danna wurin biya, lambar 500 yake samu, wato an samu matsala a sabar, domin an sauya makullin sirri da ke haɗa shafin da kamfanin karɓar kuɗi, shi kuma bai sa sabon ba. Kwana uku ƙofar shago a buɗe, akwatin kuɗi a kulle.

Masu cewa in abu ya lalace ai masu saye za su faɗa ba su san kasuwa ba: wanda ya kasa biya gaba yake yi, kamar yadda ake wuce rufaffiyar rumfa a Kejetia. Alkawarin masu ba da hayar sabar na cewa za ta yi aiki kashi 99.9 cikin ɗari na lokaci kuwa, na'urarsu kawai ya shafa, kuma ko shi ya yarda da mutuwar kusan minti 43 a wata.

Mai gadi biyu shafi yake buƙata. Na farko yana waje, irin su UptimeRobot, wanda ke ƙwanƙwasa shafin duk minti 5. To amma in fuskar shafin kaɗai aka nuna masa, shi ma "yana buɗewa" zai ce. Sai an kai shi shafin biya, an umarce shi ya nemi wata kalma da dole ta bayyana, in babu ya yi ƙara. Na biyu yana ciki, irin su Sentry, mai kama kuskure a lokacin da ya faru, ya nuna layin da ya karye da yawan mutanen da abin ya shafa. Da yana nan, tun daga mai saye ta farko za a sani.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ƙararrawar take zuwa. Sai a tura ta wani imel da mai ginin ke leƙawa sau ɗaya a mako! Wannan sakaci ne, ba rashin kuɗi ba. Jarin na Hajiya ne, don haka wayarta ce ya kamata ta fara ƙara, kuma a rubuta hakan cikin yarjejeniya kafin ta biya shi ko sidi ɗaya.