Ɗan Karambani Ya Haɗa Kwamfuta

ƊAN KARAMBANI: Oga, an cuce ni! Komai sabo fil a leda, da hannuna na haɗa, amma ta ƙi tashi. Gawar madabod, babban allon da komai ke jone a kansa, suka sayar mini.

OGA: Ajiye ta nan. In ka danna maɓalli me take yi?

ƊAN KARAMBANI: Fanka ta ɗan motsa kamar za ta juya, sai ta fasa.

OGA: To, ai ta yi maka magana, kai ne ba ka ji ba. Fawa saflai, mai raba wa kayan ciki wuta, ta saki wuta, ta ji shot, ta yanke don kada wani abu ya ƙone. Tsaya. Me ya sa ramukan USB na baya ba su yi daidai da tagarsu ba?

ƊAN KARAMBANI: Kuskuren kamfani ne. Sai da na sa gwiwa.

OGA: Gwiwa! Ina 'yan dugadugan tagullar da suka zo da akwatin, masu zare a ƙasa da rami a sama?

ƊAN KARAMBANI: (ya laluba aljihu) Waɗannan? Na ɗauka safaya ce.

OGA: Juya madabod ɗin ka ga bayansa. Duk waɗannan ɗigo-ɗigon dalma wuta ke bi ta cikinsu. Dugadugan nan su ke ɗaga shi kimanin milimita 6 daga ƙarfen akwati. Kai kuwa ka kwantar da shi kan ƙarfe tsirara, ka ɗaure tam, layin wuta ya haɗu da jikin akwati.

ƊAN KARAMBANI: Shi ke nan, bari in cike duk ramukan akwatin da su, a huta.

OGA: Kul! Ramukan madabod ake ƙirgawa, ba na akwati ba. Naka ATX ne mai rami 9, sai dugadugi 9, kowanne a ƙarƙashin raminsa. Ƙaramin nan Mini-ITX 4 ne kawai. Guda ɗaya ya tsaya inda babu rami, ya tokari dalma, ka dawo gidan jiya. Amma kafin mu mayar, mu gwada shi a waje. Ɗora shi kan kwalinsa.

ƊAN KARAMBANI: In shimfiɗa masa ledarsa mai ƙyalli?

OGA: A'a, wutar lantarki na iya bi ta bayanta. Kwali zalla. Bar furosesa da fankarsa, ram guda ɗaya a ramin A2, na biyu daga furosesa. Kashe makunnin bayan fawa saflai na ɗan lokaci, kariyarta ta saki, sannan ka mayar da shi kan I, alamar kunnawa. Yanzu taɓa fil biyun nan na PWR_SW, inda wayar maɓallin kunnawa ke shiga, da bakin sukudireba.

ƊAN KARAMBANI: Ta tashi! Dubi fanka, dubi fitilu! Dama na faɗa maka na iya.

OGA: Dubi monita.

ƊAN KARAMBANI: Baƙi ƙirin. Kunya take ji.

OGA: Ka ga 'yar fitilar da ta tsaya a kan rubutun CPU? Furosesa bai samu wuta ba. Waya nawa ka jona daga fawa saflai?

ƊAN KARAMBANI: Babbar, mai fil 24. Wadda ta fi kowa girma ai ta isa gida duka.

OGA: Ita ke juya fanka da kunna fitilu, shi ya sa mutane ke ruɗewa su ce komai lafiya. Furosesa layinsa daban, bolt 12, ta wannan soket mai fil 8 da ke kusurwar sama ta hagu. Wani madabod ya rubuta CPU_PWR, wani ATX_12V. Ga shi nan wayam.

ƊAN KARAMBANI: Oho, wannan! Na gwada wata mai fil 8 ta ƙi shiga. Har na ɗauko reza zan fere ta, aka kira ni.

OGA: Allah ya saka wa wanda ya kira ka da alheri. Wannan ta katin hoto ce, an rubuta mata PCI-E, tana rabuwa 6 da 2. Ta furosesa an rubuta CPU, tana rabuwa 4 da 4. Jerin wayoyinsu a juye yake: inda wannan ke kai bolt 12, waccan layin ƙasa ne. Da gangan aka yi bakinsu daban. Kashe wuta, haɗa 4 da 4, tura har maƙallin ya ce ƙas.

ƊAN KARAMBANI: Ƙas! Ga rubutu a monita! Oga, dama zuciyata ta ba ni wayar nan ce.

OGA: Madalla da zuciya. Amma me ya sa BIOS, shafin saitin madabod, ke nuna zafin furosesa ya haura digiri 90, ba a yi aikin komai ba?

ƊAN KARAMBANI: Af! 'Yar ledar nan da ke manne a ƙasan abin sanyaya furosesa, mai jan rubutu... ba ado ba ce?

OGA: Kashe. Miƙo sukudireba.