Kafin ɗalibi ya taɓa kalkuleta, ya faɗi inda amsar za ta faɗa

Malaman kemistiri na aji ɗaya na babbar sakandare, ina da magana da ku, kuma da girmamawa nake yin ta. Yadda da yawa daga cikinmu ke koyar da lissafin matsakaicin nauyin atam yana fitar da yaran da suka haddace ƙa'ida amma ba su san ko amsarsu ta yi hankali ba. A rubuta "nauyi sau kaso, a haɗa, a raba da 100" a allo, a yi misalin kilorin, a wuce. Shi ya sa za ka ga yaro ya samu 36 ko ma 3,550 a matsayin nauyin kilorin, ya ja layi biyu a ƙasa, hankalinsa kwance.

Kilorin na da aisotof biyu a halitta, Cl-35 da Cl-37. Kowannensu furoton 17 gare shi, bambancin a niyutiron yake, ɗaya na da 18, ɗaya na da 20. In ka ɗebo atam huɗu, kusan uku Cl-35 ne, ɗaya ne kawai Cl-37. Don haka 35 sau uku, a ƙara 37, an samu 142, a raba huɗu, 35.5. Wannan ita ce lambar da ake bai wa yara a takardun WAEC da NECO da JAMB. Yaron da ya haɗa 35 da 37 ya raba biyu ya samu 36 ya ɗauka kashi biyun daidai suke, alhali ba haka ba ne. Mai awo a kasuwa ba ya yin wannan kuskuren: in ta zuba mudu uku na naira 1,000 da mudu ɗaya na naira 1,400 a buhu ɗaya, ta san kowane mudu ya tsaya mata a 1,100, ba 1,200 ba, domin mai arahar ya fi yawa.

Abin da nake so a fara koyarwa ke nan, kafin kowace ƙa'ida. Amsar dole ta faɗa tsakanin nauyin aisotof mafi sauƙi da mafi nauyi, kuma dole ta karkata wajen wanda ya fi yawa. Yaron da ya riƙe wannan, da ya ga 3,550 zai san ya manta bai raba da 100 ba. Da ya ga 36.5 zai san ya juya kason, ya bai wa Cl-37 kashi 75. Ba sai malami ya sa jan biro ba.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa musu ƙarara: babu atam ɗin kilorin ko ɗaya a duniya mai nauyin 35.5. Lambar ta taro ce. Wannan guntun rabin ya daɗe yana damun masana, sai da Francis Aston ya ƙera na'urarsa ta tantance nauyin atam a 1919 a Kambirij aka ga cewa kilorin cakuɗe ne na iri biyu.

Yanzu ga inda na fi son mu tsaya, wato neman kason da ba a bayar ba. Mu ɗauki jan ƙarfe. Aisotof biyu gare shi, Cu-63 mai nauyin 62.930 da Cu-65 mai nauyin 64.928, matsakaicin nauyinsa kuma 63.546. Nawa ne kason kowanne? Tunda su biyu ne kaɗai, in muka ce rabon Cu-63 shi ne x, to na Cu-65 shi ne abin da ya rage, 1 − x:

62.930x + 64.928(1 − x) = 63.546

A buɗe baka, a haɗa masu x, sai ya zama 64.928 − 1.998x = 63.546. Daga nan 1.998x = 1.382, x kuma 0.692. Ke nan Cu-63 kashi 69.2 ne cikin ɗari, Cu-65 kashi 30.8.

Ku duba lambobin nan biyu na ƙarshe, 1.382 da 1.998, domin suna da ma'ana. 1.998 ita ce tazarar da ke tsakanin aisotof biyun. 1.382 kuwa nisan matsakaicin ne daga Cu-65. Matsakaicin ya yi nisa da Cu-65 saboda Cu-63 ya rinjaye shi ya jawo shi ƙasa, don haka wannan nisan shi ke nuna yawan Cu-63. A nan yara ke zamewa: su auna nisa daga Cu-63, su samu 0.616, su raba, su ce Cu-63 kashi 31 ne. Lissafin bai ɓaci ba, sun dai liƙa amsar a kan aisotof ɗin da ba nata ba. Tambaya ɗaya ta isa ta kama wannan: 63.546 ta fi kusa da 63 ko da 65? To wanda ta fi kusa da shi ai shi ne mai yawa.

Sannan akwai abin da ba laifin yara ba ne. A littattafai da jarrabawa an saba amfani da 63 da 65 da 63.5 don a sauƙaƙa. Gwada su ka gani: 65 − 63.5 = 1.5, a raba da 2, an samu kashi 75. Na gaskiya kuwa 69 ne. Ɗan gyaran da aka yi wa lambobi, wanda bai kai 0.1 ba a kowacce, ya ture amsar da kusan kashi shida. Dalili shi ne muna ɗebe lambobi biyu da suke dab da juna, sai ƙaramin kuskure ya zama babba a cikin ɗan abin da ya saura. Kuma 63 ɗin nan ƙidayar furoton da niyutiron ce, ainihin nauyin 62.930 ne a ma'aunin da aka kafa kan kabon-12 tun 1961, wanda shi aka ba 12 cif. Ban ce a daina ba da lambobi masu sauƙi ba. A ɗakin jarrabawa yaro ya yi aiki da abin da aka ba shi, ya rubuta 75 ya karɓi makinsa. Amma malami ya gaya masa cewa 75 amsar wannan tambayar ce, ba kason jan ƙarfen da ke cikin wayar lantarki ba. Kilorin ya yi mana sa'a ne kawai, kashi 75 na lissafin sauƙi bai yi nisa da na gaske ba, wanda yake wajen 75.8, shi ya sa muka ɗauka ko'ina haka ne.

In aisotof uku ne, 1 − x ba ta aiki kai tsaye, kuma nan ne haddar ƙa'ida ke tona asirin mai ita. Maganiziyam na da Mg-24 mai nauyin 23.985, Mg-25 mai 24.986, da Mg-26 mai 25.983, matsakaicinsu 24.305. Da wannan kaɗai ba za ka fitar da kaso uku ba, sai an ba ka ɗaya. A ce an ba ka Mg-24 kashi 78.99. Abin da ya rage wa sauran biyun 21.01 ne, don haka in Mg-25 ya ɗauki x, Mg-26 zai ɗauki 0.2101 − x. Gudummawar Mg-24 ita ce 23.985 × 0.7899, wato 18.946, sai a cire ta daga 24.305, saura 5.359 da biyun za su cike. In ka warware, Mg-25 zai fito wajen kashi 10, Mg-26 wajen kashi 11. Yaron da ya sa 1 − x a nan zai samu x ta haura 20, wato kaso sama da 2,000 cikin ɗari, kuma in an koya masa duba amsa tun daga kilorin, zai koma ya nemo inda ya manta da kashi 78.99 ɗin da aka riga aka cire.